Sharhin aikin ma'aikaci na ƙarshen shekara: wane salo za ka ɗauka cikin ukun nan?

Duk wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa, ko a sarbis na gwamnati ne ko kamfani ko furoje, ya san fish ɗin nan da ake kawowa ƙarshen shekara, ga wurin maki, galibi bisa 20, ga kuma fili a ƙasa inda shef zai rubuta ra'ayinsa a kan ma'aikaci. Makin ba ya wahalar da kowa, a sa 15 ko 16 a wuce. Filin nan na ƙasa ne matsala, kuma shi ne ma'aikaci ke karantawa sau biyu sau uku in ya koma gida. Salo uku na fi gani mutane suna amfani da su wajen cika shi: akwai mai rubuta halin mutum a taƙaice, akwai mai yabo sannan suka sannan yabo, akwai kuma mai kafa kowace magana bisa wani abu da ya faru. Ni dai ina da wanda nake goyon baya, na ukun, amma yana da tsada kuma akwai inda yake ɓaci, shi ya sa nake son mu gwada su duka a kan mutum ɗaya mu gani.

Mu ɗauki misalin wani magazinye a wani kamfanin sari a Tawa, shinkafa da mai da madara da sukari, kayan na zuwa daga Yamai ana rarraba su Kwanni da Keita da Abalak. Ga abin da ya faru a shekararsa. Rapor ɗin sitok na wata ya kamata ya isa hannun kwantabul ranar 5 ga wata, cikin 12 guda 5 sun makara: Maris, Yuni, Yuli, Agusta, Nuwamba. A Afrilu, ba tare da wani ya sa shi ba, ya sake jera magaza yadda kayan da ranarsu ta kusa ƙarewa ke fita da farko, nan ya gano kwali 40 na madara da sauransu wata ɗaya su lalace, anka sayar da su kafin lokaci. Ƙidayar kaya ta Disamba ta fito daidai da takarda in ban da buhu 2 na shinkafa. A Nuwamba kuma ya yi wa wani direban kamiyo tsawa gaban masu lodi, har magana ta kai sama. Shekara ke nan, da daɗi da ba daɗi, kamar ta kowa.

Mai salo na farko zai rubuta: “Ma'aikaci ne mai ƙwazo da riƙon amana, amma ba ya kiyaye lokaci, kuma ya rage zafin rai.” Minti biyu an gama. Kuma kar mu yi saurin raina shi, don yana da abin da ya sa ya daɗe: yana shiga cikin layi ukun da fish ya bari, ba ya buƙatar ka adana komai cikin shekara, kuma shef mai mutum 40 zai iya gamawa da yamma ɗaya. Amma ka tsaya a matsayin magazinyen ka karanta. Ba ya kiyaye lokaci, wane lokaci? Shi da ke buɗe magaza ƙarfe 7 da rabi kullum zai ɗauka maganar zuwa aiki ake yi, zai ce ƙarya anka yi mishi, alhali kai rapor kake nufi. Ya rage zafin rai kuma, sau ɗaya abin ya faru cikin wata 12, amma yadda anka rubuta shi ya zama hali, kuma hali ba abin da mutum zai tashi ran Litinin ya ce bari in gyara ba ne. Ko yabon ma bai amfane shi ba, mai ƙwazo, to a wane abu, me zai ci gaba da yi? Madarar nan kwali 40 ko a ambace ta.

Akwai kuma wata illa da ba a gani da wuri. In kana rubuta hali, ra'ayinka na gaba ɗaya a kan mutum shi ke jan biro, wanda kake so komai nashi ya yi kyau, wanda ya ɓata maka rai sau ɗaya komai nashi ya ragu. Wannan ba sabon abu ba ne, tun 1920 Edward Thorndike ya lura da shi a makin da hafsoshin sojan Amurka ke ba na ƙasa da su, in sun ga mutum ya burge su ta wani ɓangare sai makinsa na sauran ɓangarori ya hau tare, ko da ba su da alaƙa. Ga kuma abin da ya faru kwanan nan yana danne na baya, tsawar Nuwamba tana nan sabuwa a kanka, aikin Afrilu kuwa ka manta. Hanya mai sauƙi ta gane ka faɗa wannan ramin: ka rufe sunan da ke saman fish, ka karanta sharhin, in zai iya zama na direba ko na mai gadi ko na sakatare ba tare da an canza kalma ba, to ba ka ce komai a kan aikin mutumin ba.

Salo na biyu shi ne wanda ake koyarwa a tarurrukan horo da yawa, kuma yana shiga ranmu don ya yi daidai da kunyarmu, ba ma son mu gaya wa mutum laifinsa tsirara, balle in ya girme mu. Zai fito kamar haka: “Muna yaba maka ƙwarai bisa yadda kake kula da magaza da amana. Sai dai a ɗan ƙara ƙoƙari wajen rapor. Gaba ɗaya dai aikinka ya yi kyau, Allah ya ƙara basira.” Ya fi na farko taushi, kuma niyyar mai rubutu mai kyau ce. Matsalar ita ce mutum biyu za su karanta shi hanya biyu kuma duk ba su samu saƙon ba. Mai sauƙin rai zai ga yabo biyu suka ɗaya, sukar ma da “ɗan” a gabanta, ya ce lafiya lau, ya ci gaba da kai rapor ran 12. Wanda ya saba da salon kuwa ya san duk abin da ya zo kafin “sai dai” share fage ne, don haka yabon gaskiya ma da ka yi mishi ya tafi a banza, ba ya yarda da shi. Sannan in wata shida gaba kamfani ya ce ba zai sabunta mishi kontira ba saboda rapor, zai ɗauko takardar nan ya ce ga abin da shef ya rubuta, aikinka ya yi kyau, kuma gaskiya tana hannunsa.

Inda na fi saɓa wa wannan salo shi ne yadda ya fahimci adalci. Yana ɗauka adalci shi ne ka daidaita yawan yabo da yawan suka a kan takarda. Ni a ganina adalci shi ne kowane abu ya samu fili gwargwadon nauyinsa a shekarar. In mutum ya yi shekara mai kyau sosai, ba dole ka tono mishi laifi don sharhi ya yi kamar na mai hankali ba, in kuma akwai abu guda da ke barazana ga aikinsa, to wannan abin ya fito fili ko da ya ci rabin shafi.

Yanzu na uku. Tsarinsa a taƙaice: ka faɗi yaushe da ina, ka faɗi abin da mutumin ya yi wanda ido ya gani ko takarda ta nuna, ka faɗi abin da hakan ya jawo. Cibiyar Center for Creative Leadership ta Amurka ce ta yaɗa wannan tsari na matakai uku, kuma don sharhin shekara sai ka ƙara na huɗu, wato mi ake so ya yi nan gaba, zuwa yaushe, da kuma mi kai shef za ka yi don ya iya. Ga yadda na magazinyen zai fito:

“A Afrilu ka sake jera magaza bisa ranar ƙarewar kaya, ka gano kwali 40 na madara da sauransu wata ɗaya, anka sayar da su ba asara. Muna son a ci gaba da wannan jerin, kuma ka nuna wa mai taimaka maka yadda ake yi. Ƙidayar Disamba ta yi daidai da takarda in ban da buhu 2, kuma kai da kanka ka sanar da su. Rapor na wata: 5 cikin 12 sun iso bayan ranar 5. Na Yuli da Agusta sun zo lokacin da ba ka da mataimaki, ba mu ɗora maka su ba. Na Maris da Yuni da Nuwamba sun makara da kwana 4 zuwa 7, kuma na Yuni ya sa odar mai ta yi latti, magaza ya yi kwana 6 ba mai. Daga Janairu muna son rapor ya iso ranar 5, in akwai cikas ka sanar ranar 3. Za a ba ka safiyar ranar 2 ga wata ba lodi don ka gama shi, kuma za mu zauna mu duba ƙarshen Maris.”

Ka lura da abubuwa kaɗan a nan. Babu kalmar hali ko ɗaya, ba mai ƙwazo, ba malalaci, amma duk wanda ya karanta ya san mutum ne mai amana da ke da matsala guda. Kowace jimla magazinyen zai iya ɗauko kayensa ya duba, in ka yi kuskure ya ce a'a na Maris ran 5 na kai, kwantabul ne ba ya nan, kuma wannan gardama mai amfani ce don tana da ƙarshe, a duba mesaji a gani. Gardama a kan ko mutum yana da zafin rai kuwa ba ta ƙarewa, sai dai kowa ya tashi da fushi. Sannan cire Yuli da Agusta ba kyauta ba ce anka yi mishi, shi ne ya ba sauran ukun ƙarfi, don mutum in ya ga ka san uzurinsa ka kuma ware shi, da wuya ya ce ba ka san aikinsa ba.

To ina tsawar Nuwamba ta tafi? Wannan ita ce shawarar da ta fi wuya, kuma salon bai yanke maka ita ba, kai za ka yanke. Ni na bar ta waje, bisa sharaɗin an yi magana a kanta tun lokacin, ya ba direban haƙuri, kuma ba ta sake faruwa ba. Takardar nan tana zama cikin dosiye shekara da shekaru, wani shef da bai san mutumin ba zai zo ya karanta, bai kamata abin rana ɗaya da aka riga aka kashe ya bi shi har can ba. In kuwa sau uku ko huɗu ya faru, to ya shiga, amma da irin wancan tsarin: ranar kaza gaban masu lodi ka ɗaga murya a kan direba, lodi ya tsaya awa ɗaya, direbobi biyu sun nemi a canza musu hanya. Kuma ko yaya ne, kar ya zama a fish ne mutum zai fara jin laifinsa, abin da ka gani a Yuni ka yi shiru har Disamba, rabin laifin ya koma kanka, don wata shida ka hana shi damar gyarawa.

Akwai dalili na bincike da ke bayan wannan, ba son rai kawai ba. A 1996 Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara binciken da aka yi shekaru da yawa a kan abin da ke faruwa in an gaya wa mutum yadda aikinsa yake. Gaba ɗaya abin yana taimakawa, amma a sama da kashi ɗaya cikin uku na gwaje-gwajen aikin raguwa ya yi bayan an yi wa mutum sharhi. Bayanin da sunka bayar shi ne, gwargwadon yadda sharhi ya janye hankalin mutum daga aikin ya mai da shi kan kansa, ni wane irin mutum ne, mi shef ke ɗauka na, gwargwadon haka amfaninsa ke raguwa. Salo na farko kai tsaye can yake kai mutum.

Yanzu tsadarsa, don in ban faɗa ba na yi maka rabin gaskiya. Ba za ka iya rubuta shi daga ka ba. Ba shef ɗin da zai tuna a Disamba cewa rapor ɗin Maris kwana 4 ya makara. Sai kana da kaye, shafi ɗaya ko biyu na kowane mutum, duk sati ko sati biyu ka rubuta layi guda: kwanan wata, abin da ya faru, abin da ya biyo baya. Minti biyar ne, amma minti biyar ɗin da ake mantawa. Kuma kayen nan yana da haɗarinsa, don hannu ya fi saurin zuwa biro ranar da ranka ya ɓaci, ranar da komai ya tafi daidai ba ka tuna da shi, sai ka wayi gari ka tara wa mutum dosiye kamar na kwamisariya. Ka duba shafin duk bayan wata uku, in ka ga laifi zalla a kan mutumin da kai kanka ka san aikinsa na tafiya, to kayen ne ya karkace, ka koma ka nemo abin da ya tafi daidai, takardun fitar kaya da mesaji na waya suna nan.

Wani wurin da yake ɓaci shi ne aikin da ba ya da labari. Mai gadin da shekara ta wuce ba a saci ko ƙusa ba, ko kwantabul ɗin da albashi bai taɓa makara ba, ba su da wani abin Afrilu da za ka ambata, kuma in ba ka yi hankali ba sharhinsu zai fito gajere fiye da na mai yawan surutu da ya yi abu ɗaya mai ƙyalli. Maganin shi ne ka ƙidaya abin da bai ɓaci ba ka rubuta shi: albashin wata 12 duk ya fita kafin ƙarshen wata, har da watan da anka yi fama da ɗaukewar wuta. Shi ma abu ne da ya faru, yana da lokaci, yana da sakamako. Haka kuma kar yawan misali ya ruɗe ka, ka jera abu goma sha, mutum ba zai riƙe ba. Abu biyu ko uku da za a ci gaba da su, ɗaya ko biyu da za a gyara, ya isa shekara.

Sai maganar girma. Wasu na cewa wannan salo ya yi tsauri in ma'aikacin ya haife ka, yaya za ka jera wa dattijo watannin da ya makara. Ni akasin haka nake gani. Ka ce wa mutum mai shekara 55 ba ya kiyaye lokaci, ka taɓa mutuncinsa, amma ka ce Baba, rapor ɗin Yuni ya zo ran 11, shi ya sa mai ya yanke mana, mi za mu yi kar ya sake faruwa, kun tsaya ku biyu kuna kallon takarda ne, ba shi ake kallo ba. Ladabi wurinsa a gaisuwa da murya da keɓewa, ka rufe ƙofar buro, ka fara tambayarsa yadda shi ya ga shekarar kafin ka buɗe fish. Tunda kuma galibin takardun nan da Faransanci ake cika su, kar ka miƙa wa mutum ka ce ya sa hannu kawai, ka bi shi layi-layi da Hausa ko Zabarmanci, sannan ka ce ya faɗa maka da bakinsa abin da ya fahimta za a canza. In ya ce to shef zan ƙara ƙoƙari, saƙo bai isa ba tukuna, in ya ce rapor ran 5, in akwai matsala in kira ran 3, ya isa.

To wanne za ka ɗauka? In sharhin zai taɓa kuɗi ko ƙarin girma ko sabunta kontira, ko kuma akwai abin da kake son ya canza da gaske, na uku kawai, ba ni da wata shawara. In mutanenka sun kai 30 ko 40 kuma fish layi uku ya ba ka, kar ka koma na farko gaba ɗaya, ka matse na ukun: abu ɗaya da ya yi daidai da watansa, abu ɗaya na gyara da adadinsa, da abin da ake jira. Na magazinyen zai zama “Jerin magaza na Afrilu ya ceci kwali 40 na madara. Rapor 3 sun makara ba uzuri, na Yuni ya jawo yankewar mai. Daga Janairu rapor ranar 5.” Ya shiga layi uku, sauran bayanin ka yi shi da baki ko ka haɗa wata takarda in tsarin wurinku ya yarda. Na biyu kuwa, ka ɗauki abu ɗaya daga gare shi, wato kar ka manta da abin da ya yi kyau, amma kar ka yi amfani da yabo don ɓoye suka a rubuce.

In kuma Disamba ta riga ta zo ba ka da kaye, akwai abin yi kafin ka faɗa wa kalmomin hali. Ka ba kowane mutum kwana uku ya rubuto maka abu uku da ya yi a shekarar da yake alfahari da su da abu ɗaya da ya ba shi wahala, ka buɗe mesajinku da takardun aiki tun daga Janairu ka bi wata-wata kana tabbatarwa, ka tambayi wanda aikinsa ke karɓa daga nasa, kamar kwantabul ga magazinye, ranaku da adadi, ba ra'ayi ba. Abin da ba ka iya samun ranarsa ko shaidarsa ba, ka bar shi waje bana, ka buɗe mishi shafi a kayen Janairu.